Yadda Ake Rubutu Kan Shahararren Mutumin Da Ya Ɓace Ba A Ga Gawarsa Ba

Tun bayan da na gyara wa wasu matasan marubuta a nan Abuja tarihin wata matuƙiyar jirgin sama da suka shirya wa wani shirin rediyo, mutane da dama, ciki har da ɗalibai masu koyon aikin jarida a Jos, sun yi ta tambayata yadda ake rubuta tarihin wanda ya ɓace a teku ko a wani wuri, har yau ba a san ranar rasuwarsa ba, ba a kuma ga gawarsa ba. Kuskuren da na tarar a rubutun nasu shi ne wanda kusan kowa ke faɗawa cikinsa: sun ɗauki ranar da matar ta ɓace, suka rubuta ta a matsayin ranar da ta rasu. Matakan da ke ƙasa su ne nake bi da kaina, kuma zan riƙe labarin Amelia Earhart, matuƙiyar jirgin sama ta Amurka da ta ɓace a Tekun Fasifik a 1937, a matsayin misalin da za mu yi aiki da shi daga farko har ƙarshe.

1. Raba ranaku uku tun kafin ka fara

Ka ɗauki takarda ka ja layi uku. A layin farko ka rubuta ranar da aka yi wa mutumin gani na ƙarshe ko aka ji muryarsa ta ƙarshe. A na biyu ka rubuta ranar da wata kotu ko hukuma ta yanke cewa a ɗauke shi a matsayin wanda ya rasu, idan an taɓa yanke hakan. Layi na uku na ranar rasuwa ne ta haƙiƙa, kuma a irin wannan aiki yawanci haka za ka bar shi babu komai a ciki har ka gama rubutun.

Ga Earhart, layin farko shi ne 2 ga Yuli, 1937. Layi na biyu 5 ga Janairu, 1939, ranar da wata kotu a Kalifoniya ta ayyana ta a matsayin wadda ta rasu bisa buƙatar mijinta George Putnam, domin a samu damar gudanar da dukiyarta. Layi na uku babu wanda ya cike shi. Abin da ke nuna maka cewa ranar kotu ba ranar mutuwa ba ce shi ne labarin abokin tafiyarta Fred Noonan, wanda ke nuna mata hanya a jirgin: tare suka tashi, tare suka ɓace, amma shi an ayyana rasuwarsa tun a watan Yunin 1938, watanni da dama kafin tata. Bambancin ya samo asali ne daga lokacin da iyalan kowannensu suka je kotu.

Gargaɗi: kada ka lissafa shekarun mutum daga ranar kotu. An haifi Earhart ranar 24 ga Yuli, 1897, don haka tana da shekara 39 lokacin da ta ɓace. Wanda ya lissafa daga hukuncin kotu zai rubuta cewa ta rasu tana da shekara 41, wato ya ƙara mata rayuwar shekara ɗaya da rabi da babu wata shaida a kanta. Abin da za ka rubuta shi ne shekarunta a ranar da ta ɓace.

2. Nemo sa'o'in ƙarshe daga bakin waɗanda suke wurin

Wannan shi ne matakin da ya fi cin lokaci, kuma shi ne ƙashin bayan rubutun. Abin da kake nema shi ne takardun da aka rubuta a ranar ko a makon da abin ya faru: littafin da ma'aikatan rediyon jirgin ruwa ke rubuta saƙonni a ciki, rahoton masu aikin ceto, bayanin da shaidu suka ba 'yan sanda, rahoton yanayi, da jaridun wancan mako. Littattafan da aka rubuta bayan shekara 30 ko 40 suna da amfani wajen nuna maka inda takardun suke, amma a kan takardun za ka gina labarin.

A misalinmu, Earhart da Noonan sun tashi daga garin Lae na ƙasar Niyu Gini da ƙarfe 10 na safiyar 2 ga Yuli a cikin jirgi ƙirar Lockheed Electra, suna nufin tsibirin Howland, wani ɗan ƙaramin tsibiri mai nisan sama da kilomita 4,000, inda jirgin ruwan masu tsaron gaɓar tekun Amurka mai suna Itasca ke jiransu. Ma'aikatan rediyon Itasca sun rubuta cewa da ƙarfe 7:42 na safe ta shaida musu cewa a lissafinta ta iso kansu amma ba ta ganinsu, kuma mai ya soma ƙarewa. Da ƙarfe 8:43 suka ji saƙon da ake ɗauka na ƙarshe, inda ta ce suna kan layin 157 337, wato lambobin alƙiblar layin da suke bi, suna kai-komo tsakanin arewa da kudu. Daga nan ne abin da aka tabbatar ya ƙare, kuma daga nan ne ya kamata muryarka ta mai ba da tabbataccen labari ta tsaya.

Gargaɗi game da agogo: mai karatu mai lura zai ga kamar akwai tuntuɓen alƙalami, domin yaya jirgin da ya tashi ƙarfe 10 na safe zai aiko da saƙon ƙarshe ƙarfe 8:43 na safiyar wannan rana? Dalili shi ne jirgin ya tsallaka layin da kwanan wata ke sauyawa a tsakiyar Fasifik, don haka a Lae gari ya riga ya waye ranar 3 ga wata alhali a Howland har yanzu 2 ga wata ce. A haƙiƙa sun yi sama da sa'a 20 a sararin sama. Duk lokacin da kake rubutu kan ɓacewa a teku, ka mayar da dukkan lokuta zuwa agogo ɗaya a takardar aikinka, sannan a cikin rubutun ka faɗa wa mai karatu agogon wane wuri kake nufi.

Game da kayan aiki da kuɗi, yawancin abin da ake buƙata kan fitattun mutanen ƙasashen waje yana samuwa ba tare da biyan komai ba sai kuɗin data. Jami'ar Purdue ta Amurka tana riƙe da tarin takardun Earhart kuma ta sanya da yawa daga cikinsu a intanet, sannan ɗakin karatu na ƙasar Ostireliya yana da rumbun tsofaffin jaridu mai suna Trove wanda kowa zai iya bincikawa. Idan kuwa mutumin ɗan Najeriya ne, kuɗin zai tafi ne wajen zirga-zirga, ɗaukar hoton tsofaffin jaridu a ɗakin karatu, da karɓo kwafin hukunci mai hatimi daga rajistaran kotu, wanda ake biya gwargwadon yawan shafuka. Ni dai ba na ware wa wannan mataki ƙasa da rabin dukkan lokacin da zan ba aikin.

3. Tantance matsayinsa a doka da shari'a

Kafin ka zaɓi kalmar da za ka kira mutumin da ita, sai ka san abin da hukuma ta ce a kansa, kuma ka san irin nauyin wannan magana. A Najeriya, sashe na 164 na Dokar Shaida ta 2011 ya tanadi cewa mutumin da aka shekara 7 ba a ji ɗuriyarsa ba daga waɗanda a al'ada ya kamata su ji, za a ɗauka ya rasu sai dai idan yanayin al'amarin ya nuna wani dalili na rashin jin labarin nasa. Sashen ya kuma fayyace cewa wannan zato bai ƙayyade lokacin rasuwar ba, wanda ya yi da'awar wata rana shi zai kawo hujja. Wato ita kanta doka ta bar layinka na uku babu komai.

Masu karatunmu da yawa sun fi sanin wannan mas'ala ta fuskar fiƙihu, a babin mafƙudi. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, matar wanda ya ɓace tana kai ƙara gaban alƙali, a bincika, a yanka mata wa'adin shekara 4, sannan ta yi takaba ta wata 4 da kwana 10, daga nan ta iya yin aure, amma ba a raba gadonsa sai an kai shekarun da irinsa ba ya wuce su a raye. A nan ma mutum ɗaya yana da hukunci biyu a lokaci guda, ɗaya ta fuskar aure, ɗaya ta fuskar dukiya, kuma babu wanda ya ce an san ranar da ransa ya fita. Idan ka kawo wannan a rubutunka, Bahaushe mai karatu zai fahimci bambancin hukunci da tabbas nan take, ba sai ka yi dogon sharhi ba.

Akwai kuma hukuncin da ya fi zato ƙarfi, wanda ya biyo bayan cikakken bincike. Firaministan Ostireliya Harold Holt ya shiga iyo a gaɓar Cheviot da ke jihar Biktoriya ranar 17 ga Disamba, 1967, a gaban abokansa, igiyar ruwa ta rufe shi, ba a sake ganinsa ba. Cikin kwana biyu aka rantsar da John McEwen a madadinsa, amma sai a 2005 mai binciken musabbabin mutuwa na jihar ya yanke cewa Holt ya nutse ne bisa haɗari a wannan rana. A irin wannan kana iya rubuta cewa binciken hukuma ya tabbatar da nutsewarsa, muddin ka ƙara da cewa ba a ga gawar ba. Ba za ka iya rubuta haka game da Earhart ba, domin babu wanda ya ga jirginta yana faɗawa ruwa.

4. Zaɓi kalmomin Hausa da hankali

A nan ne harshenmu ke da nasa tarko. Ladabin Hausa yana sa mu sanya marigayi ko marigayiya a gaban sunan duk wanda ba ya raye, mu kuma bi shi da addu'ar Allah ya jiƙansa, kuma hannu yakan rubuta su tun kafin zuciya ta yi tunani. Amma kalmar marigayi hukunci ce, tana nufin ya riga mu gidan gaskiya. Ga wanda ya ɓace shekarun baya kaɗan kuma iyalinsa ba su yi zaman makoki ba, kiransa marigayi daidai yake da ka aika musu da ta'aziyyar da ba su nema ba. Ka kira shi da sunansa da muƙaminsa, idan kuma addu'a za ka yi, ka ce Allah ya bayyana shi, ko Allah ya bayyana gaskiyar al'amarinsa.

Ga wadda aka haifa a 1897 kuwa, hankali ya riga ya yanke cewa ba ta raye a yau, don haka abin da ba a sani ba shi ne yaushe, a ina, kuma ta yaya. Jimlar buɗewa mai kyau za ta zo kamar haka: Amelia Earhart, wadda aka haifa ranar 24 ga Yuli, 1897, matuƙiyar jirgin sama ce 'yar Amurka da ta ɓace a Tekun Fasifik ranar 2 ga Yuli, 1937, kotu kuma ta ayyana rasuwarta ranar 5 ga Janairu, 1939. Ka lura cewa kowace rana tana tare da aikatau ɗinta, an haifa, ta ɓace, an ayyana. Idan tsarin jaridar ko shafin da kake rubuta wa ya tilasta sanya shekaru biyu a jikin suna, ka rubuta 1897 sannan ka rubuta kalmar ta ɓace kafin 1937, kada ka bar lambobin biyu tsirara da ɗan layi a tsakaninsu, domin kowa zai karanta na biyun a matsayin shekarar rasuwa.

Gargaɗi: kalmomin nutse, halaka, hallaka da ruwa ya ci shi duk suna faɗin yadda mutum ya mutu. Ya yi ɓatan dabo kuma, duk da daɗinta a baki, tana ɗauke da ƙanshin sihiri ko ganganci, don haka ban cika son ta a rubutun tarihi ba. Ya ɓace, ba a sake jin ɗuriyarsa ba, an yi masa gani na ƙarshe a wuri kaza, waɗannan su ne kalmomin da ba su wuce abin da ka sani ba.

5. Jera hasashe gwargwadon nauyin hujja

Duk shahararren da ya ɓace yana tara labarai a bayansa, kuma ba daidai ba ne ka yi kamar babu su, haka nan ba daidai ba ne ka ba su fili iri ɗaya. Dabarar da nake bi ita ce in tambayi kowane hasashe abu uku: wa ya fara faɗa, a wace shekara, kuma wane abu na zahiri ya nuna.

Game da Earhart, bayanin da ya fi dacewa da saƙonnin rediyo, kuma shi ne matsayar gwamnatin Amurka bayan neman da aka yi na sama da mako biyu wanda ya ci kimanin dala miliyan 4, shi ne mai ya ƙare musu suka faɗa teku kusa da Howland. Shi za ka fara kawowa kuma ka ba shi fili mafi yawa. Na biyu shi ne cewa sun sauka a tsibirin Nikumaroro, inda aka tsinci wasu ƙasusuwan mutum a 1940. Likitan da ya auna su a Fiji a 1941 ya ce na namiji ne, daga baya ƙasusuwan suka salwanta, sannan a 2018 wani masanin ƙasusuwa mai suna Richard Jantz ya sake nazarin ma'aunin da likitan ya bari ya ce sun yi daidai da jikin Earhart. Wannan hasashe ya cancanci sakin layi guda, tare da faɗa wa mai karatu a fili cewa ma'auni aka sake dubawa, ƙasusuwan kansu babu su balle a gwada. Na uku, cewa Japanawa sun kama ta, jimla ɗaya ko biyu ta ishe shi.

Gargaɗi kan sabon labari mai zafi: a 2017 wata tashar talabijin ta Amurka ta nuna wani tsohon hoto da aka ce Earhart da Noonan ne a hannun Japanawa, cikin 'yan kwanaki aka gano cewa an buga hoton a wani littafin Japananci tun 1935, shekara biyu kafin su ɓace. A farkon 2024 kuma wani kamfanin binciken ƙarƙashin teku ya fitar da hoton na'ura mai kama da jirgin sama, kafin shekarar ta ƙare kamfanin da kansa ya sanar cewa duwatsu ne. Duk wanda ya yi gaggawar rubuta an gano a kanun labarinsa sai da ya dawo yana gyara. Kalmar an gano tana jiran lambar jikin jirgi, ko gwajin ƙwayar halitta, ko sanarwar hukumar da ke da alhakin binciken.

6. Idan labarin tsoho ne ƙwarai

Wani lokaci majiyar guda ɗaya ce tak, kuma aikinka shi ne ka faɗi hakan. Labarin sarkin Mali da ya shiga Tekun Atlantika bai dawo ba ya zo mana ne ta hannun marubucin tarihi Balarabe al-Umari, wanda ya rubuta abin da Mansa Musa ya faɗa a Alƙahira a kan hanyarsa ta hajji a 1324: cewa sarkin da ya gabace shi ya fara aika jiragen ruwa, guda ɗaya ya dawo, sannan ya shirya jirage 2,000 ya tafi da kansa. A cikin wannan ruwaya ba a ambaci sunan sarkin ba, kuma ba a ce ya isa wata ƙasa ba. Sunan Abubakar na Biyu da ake yawan liƙa masa daga marubutan baya ya fito, masana tarihi da dama kuma suna ganin wani sarki ne dabam. Ka rubuta abin da Mansa Musa ya ce, ka faɗi wanda ya ruwaito, ka tsaya nan.

7. Iyali, zargi da wanda zai iya dawowa

Idan ɓacewar ta kwanan nan ce, ka nemi jin ta bakin iyali kafin bugawa, ka tambaye su da wace kalma suke ambatonsa, kuma ka karanta musu jimlolin da suka shafi matsayinsa. Kada ka rubuta cewa ya gudu ne saboda bashi, ko ya kashe kansa, ko wane ne ya sa aka ɗauke shi, sai da takardar kotu ko rahoton hukuma a hannunka, domin a nan ne ƙarar ɓata suna ke fitowa, kuma kuɗin nuna wa lauya rubutun kafin a buga ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ka kuma riƙe a ranka cewa wanda aka yi zaton ruwa ya ci yakan bayyana. Ɗan majalisar dokokin Birtaniya John Stonehouse ya bar tufafinsa a bakin teku a Miami a watan Nuwamban 1974, aka ɗauka ya nutse, bayan kimanin wata guda 'yan sanda suka kama shi a Melbourne da ransa da lafiyarsa.

8. Karatun ƙarshe da barin ƙofar gyara

Kafin ka miƙa rubutun, ka bi shi layi-layi ka ja layi a ƙarƙashin kowace kalma ta rasuwa, mutuwa, marigayi, gawa da kabari, ka tambayi kowace ɗaya daga wane layi na takardarka ta farko ta fito. Ka duba kanun labarin da bayanin da ke ƙarƙashin hoto, domin sau da yawa wani ne dabam ke rubuta su a ɗakin labarai, kuma a nan ne kalmar rasuwa ke komowa bayan ka kore ta daga cikin rubutun. Sannan ka sanya kwanan watan da ka kammala bincike a cikin jimlar da ke faɗin halin da ake ciki, misali ka ce har zuwa watan kaza na shekara kaza ba a gano jirgin ba.

Dalilin wannan kwanan wata shi ne teku takan mayar da wani abu bayan an fid da rai. Matuƙin jirgin saman Faransa Antoine de Saint-Exupéry ya ɓace ranar 31 ga Yuli, 1944, aka shekara 54 babu labari, sai a 1998 wani masunci ya jawo abin hannunsa na azurfa mai ɗauke da sunansa a cikin koma kusa da Marseille, a 2004 kuma aka tabbatar cewa tarkacen da aka tsamo a yankin na jirginsa ne. Wanda ya rubuta tarihinsa da ranaku uku a rarrabe sakin layi ɗaya kawai zai ƙara, ya faɗi inda jirgin ya faɗi da shekarar da aka tabbatar, ya kuma bar jimlar da ke cewa ba a gano gawarsa ba yadda take.